Ruwa ɗaya, cira biyu: yadda ake lissafin abin da za a riƙa zara daga albashin mai rance

Bayan sallar la'asar wani ƙanena, malamin sakandare a nan Katsina, ya same ni a ƙofar gida da takardu biyu a hannu. Yana so ya ƙarasa rufin ɗakunan da ya tayar a bayan Ƙofar Ƙaura kafin damina, kuma naira dubu 600 yake nema. Wuri biyu sun yarda su ba shi, a riƙa cira daga albashinsa har wata 12. Takardar farko ta ce ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, za a cire naira 62,000 duk wata. Ta biyu ma ta ce kashi 24 cikin ɗari a shekara, amma naira 56,736 za a cire. Ya ce, "Yaya, kai da ka daɗe a ofishin albashi, wa ya yi kuskure a cikinsu?"

Babu wanda ya yi kuskure. Kowannensu ya yi lissafinsa daidai, sai dai ba abu ɗaya suke kira kashi 24 ba. Wannan shi ne abin da yawancin ma'aikata ba sa tambaya kafin su sa hannu: a kan wane kuɗi ake ɗora ruwan, a kan abin da aka ba ka tun farko, ko a kan abin da ya rage ana bin ka?

Na san akwai mai cewa tun daga kalmar ruwa magana ta ƙare, domin riba haram ce. Ba na jayayya da wannan, kuma zan zo kan masu bayarwa ba da ruwa ba. Amma takardun albashin da suka ratsa hannuna sun nuna mini cewa mutane da yawa sun riga sun shiga, kuma wanda ya shiga yana da haƙƙin sanin nawa ake karɓa daga gare shi.

Takardar farko ta bi hanyar da ma'aikatan rance ke kira fulat. Ita ce mafi sauƙin lissafi, shi ya sa ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da ƙananan bankuna ke son ta. A ɗauki uwar kuɗi, 600,000, a fitar da kashi 24 cikin ɗari, ya ba da 144,000. A haɗa su, 744,000. A raba gida 12, kowane wata 62,000. Ko a bayan ambulan mutum zai iya yi. A cikin kowace 62,000 ɗin akwai 50,000 na uwar kuɗi da 12,000 na ruwa, kuma haka zai tafi tun daga watan farko har na ƙarshe.

A nan gizo ke saƙa. A watan farko, gaskiya ne dubu 600 ke hannun malam, kuma kashi 2 cikin ɗari na wata ɗaya, wato 24 a raba 12, ya kama 12,000. Amma da aka ciri na farko ya mayar da dubu 50, saura 550 ake bin sa. A wata na bakwai rabin kuɗin ya koma wurin mai shi. A wata na goma sha biyu dubu 50 kacal ta rage, amma har yanzu ana karɓar 12,000, ruwan dubu 600. Kamar mutum ne ya kama hayar ɗaki goma sha biyu, duk wata yana mayar da makullin ɗaki ɗaya, mai gida kuwa yana karɓar kuɗin goma sha biyu cif har ranar tashi.

Da za a ce ruwan ya bi abin da ya rage, ga yadda zai kasance. Watan farko 50,000 da ruwa 12,000, jimla 62,000. Wata na biyu ruwan dubu 550 ne, wato 11,000, jimla 61,000. Na uku 60,000. Haka zai riƙa sauka da dubu ɗaya ɗaya har wata na ƙarshe a ciri 51,000. In ka tara ruwan duka, daga 12,000 zuwa 1,000, za ka samu 78,000. Ka ga ke nan tsakanin 144,000 da 78,000 akwai dubu 66, kuma dukansu sunansu kashi 24.

Wannan tsari na cira mai sauka yana da kyau, amma ofisoshin albashi ba sa ƙaunarsa. Dalili a fili yake. Akanta yana so ya shigar da adadi ɗaya a kan sunan ma'aikaci, ya rubuta watan farawa da watan tsayawa, ya manta. In kuwa kowane wata sai an canza adadin mutum ɗari uku, kuskure ba zai ƙare ba. Saboda haka bankuna suka fi amfani da wata hanya ta uku: ruwa yana bin ragowar bashi, amma an daidaita cirar ta zama iri ɗaya kowane wata. Ita ce ta haifar da 56,736 da ke takarda ta biyu.

Ga ƙa'idar, inda P ke nufin uwar kuɗi, r ruwan wata ɗaya, n kuma yawan watanni:

```
P × r ÷ (1 − (1 + r)^−n)
```

Ganinta ya fi yinta ban tsoro. Da kalkuletan waya muka yi a zaune a kan tabarma. Ruwan wata shi ne 0.02. A ninka 600,000 da 0.02, an samu 12,000, a ajiye shi gefe. Sai a ninka 1.02 da kansa har ya bayyana sau 12, ya ba da 1.2682. A raba 1 da wannan, 0.7885. A cire shi daga 1, saura 0.2115. Yanzu a raba 12,000 ɗin nan da 0.2115, za a samu kimanin 56,738. Bambancin naira biyu da takardar banki ya zo ne daga lambobin bayan ɗigo da muka datse. Wanda ke da Excel a ofis ko a waya zai samu amsar har kwabo:

```
=PMT(24%/12,12,-600000)
```

Zai nuna 56,735.76. A wata 12 malam zai biya kimanin 680,829, wato ruwa 80,829. Ya ɗan ɗara 78,000 na tsarin cira mai sauka, saboda a nan uwar kuɗi tana raguwa a hankali a watannin farko.

Wannan raguwa a hankali tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ke jawo rigima a kanta. A cirar farko, 12,000 ruwa ne, 44,736 ne kawai ya taɓa uwar kuɗi, bashi ya koma 555,264. A ta biyu ruwan ya sauka zuwa 11,105, sai 45,630 ya shiga uwar kuɗi, saura 509,634. A ta uku ruwa 10,193, saura 463,091. Adadin da ke fita daga albashi bai motsa ba, amma cikinsa yana juyawa: kason ruwa na ƙanƙancewa, kason uwar kuɗi na girma. A wata na ƙarshe ruwan naira 1,112 ne kawai. Shi ya sa in ma'aikaci ya biya wata shida ya je tambayar ragowa, yana sa ran a ce masa dubu 300, sai a ce 317,801, ya fara ɗaga murya an cuce shi. Ba a cuce shi ba. In yana so ya tabbatar, ya karɓi jadawalin biya, ya ninka ragowar kowane wata da 0.02, ya ga ko ta yi daidai da ruwan da aka rubuta a layi na gaba. In ruwan yana sauka layi bayan layi, kan ragowa ake lissafi. In lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa, fulat ne, ko me aka kira shi da baki.

Malam ya dubi takardun ya ce, "To Yaya, ashe duk inda na ji fulat in gudu ke nan." Na ce masa a'a, kuma nan ne mutane ke yin kuskure na biyu. Fulat ba mugun abu ba ne a kansa, ma'auni ne daban. Tiya da mudu ne: ba a kwatanta farashi sai an mayar da su awo ɗaya. Hanyar mayarwa a saukake ita ce ka tambayi kanka, a tsawon shekarar nan, nawa ne a tsakaice ya zauna a hannuna? Ya fara da dubu 600, ya ƙare da dubu 50, tsakaicin dubu 325. Ruwan 144,000 a kan 325,000 ya kama kashi 44 cikin ɗari. Wannan kiyasi ne, yana ɗan wuce gona kaɗan. Ainihin amsar tana fitowa da wannan:

```
=RATE(12,-62000,600000)*12
```

Kusan kashi 42 cikin ɗari. Wato fulat na kashi 24 a shekara ɗaya daidai yake da kimanin kashi 42 na kan ragowa. A taƙaice, a rancen shekara guda ka ninka lambar fulat da ɗaya da uku bisa huɗu, ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

Da wannan awo a hannu, sai ka ga wani fulat ɗin ya fi rahusa. A ce ƙungiyar gama kai ta makarantarsu tana ba da dubu 600 a kan kashi 10 fulat. Ruwa 60,000, jimla 660,000, cira 55,000 a wata. Wannan daidai yake da kashi 18 na kan ragowa, ya fi na bankin mai kashi 24 sauƙi da kusan naira 1,700 duk wata. Sai dai a lura da wata al'ada ta wasu ƙungiyoyi: su zare ruwan tun ranar bayarwa. A rubuta maka 600,000, a miƙa maka 540,000, a riƙa cirar 50,000. Cirar ta fi sauƙi a ido, kuma dubu 60 ɗin dai ce, amma kuɗin da ka riƙe sun ragu, don haka ainihin ruwan ya hau zuwa wajen kashi 20. Ga mai rufin ɗaki kuma akwai matsala ta zahiri: kwano da katako na dubu 600 ne, dubu 540 ba za ta kai shi ba.

Haka kuɗaɗen gefe suke aiki. Jadawalin caje-caje na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Janairun 2020 ya ƙayyade kuɗin gudanar da rance kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na abin da aka bayar, sau ɗaya. A kan dubu 600, dubu 6 ke nan. Galibi kuma akwai kuɗin inshora, don in mai rance ya rasu kada bashin ya hau kan iyali. Ba sa bayyana a cirar wata-wata saboda tun farko ake zare su, amma suna cikin tsadar rancen. Abin da ya kamata ka sa a lissafi shi ne adadin da ya shigo asusunka, ba wanda ke saman takarda ba.

Sai kuma tarkon da ya fi kama na ƙasa: ruwan wata da aka faɗa kamar na shekara. Masu yawo ofis-ofis da fom a jaka sukan ce "kashi uku ne kawai, ranka ya daɗe." Kashi uku a wata ne, kuma fulat. A kan dubu 600, 18,000 ke nan duk wata, 216,000 a shekara, cira 68,000. Mai jin "uku" yana kwatanta shi da "ashirin da huɗu" na banki, sai ya ga ya tsinci dami a kala. Tambaya biyu ke warware shi: a wata ko a shekara, kuma jimlar abin da zan biya nawa ne?

Yanzu ga inda albashin kansa ke shigowa. Ba duk abin da lissafi ya bayar ake iya cira ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 5, ta ce jimlar abin da za a cire daga ladan ma'aikaci a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Ma'anar "ma'aikaci" a dokar ba ta haɗa da manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru ba, amma wannan ɗaya bisa ukun ya zama ma'aunin da masu ba da rance da yawa ke dubawa kafin su amince. Abin da ke shiga hannun malam bayan haraji da sauran cire-cire 180,000 ne, sulusinsa 60,000. Cirar 56,736 ta shige, ta 62,000 ta haura da dubu biyu.

Me mai takardar fulat zai yi in an nuna masa haka? Ba zai rage ruwa ba, zai ƙara watanni. Zai ce a mayar da shi wata 18, cira ta sauka zuwa 45,333, malam ya samu sarari. Sararin gaskiya ne, amma ruwan ya tashi daga 144,000 zuwa 216,000, domin kowane ƙarin wata 12,000 ne cur. A tsarin kan ragowa ma tsawaitawa na da tsada, sai dai ba kamar haka ba: wata 18 zai ba da cira 40,021, ruwa kimanin 120,400. Ni a ganina wannan ne wurin da ma'aikata suka fi asara, fiye da wajen zaɓen lamba. Mutum yana kallon abin da zai rage masa ranar da alat ya shigo, ba ya kallon jimla. Kuma ba na ganin laifinsa sosai, wanda ke da buhun masara da kuɗin makaranta a gabansa wata-wata yake rayuwa. Amma ya kamata a ce ya san kusan dubu 17 da aka sauƙaƙa masa duk wata dubu 72 ya saye ta.

Game da sulusin nan, a haɗa duk cire-ciren bashi ne, ba sabon kaɗai ba. Na sha ganin takardar albashi mai ɗauke da cirar babur, cirar shinkafar azumi ta ƙungiya, da ta banki, kowane mai bayarwa ya auna nasa shi kaɗai ya ga bai kai sulusi ba, amma a haɗe sun cinye fiye da rabi. Mai irin wannan takarda kafin goma ga wata ya koma wajen mai shago da littafi.

Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, hanyarsu daban ce a shari'a. A murabaha banki ne ke sayen kayan, a ce kwano da katako na 600,000, ya sayar maka a kan farashin da kuka amince, a ce 690,000, ka biya kashi-kashi. Cirar wata ita ce farashin a raba da watanni, 57,500. Ciniki ne, farashi ya tsaya tun ranar ƙulla shi, kuma ba ya ƙaruwa ya zama ribar banki don ka yi jinkiri. Ta fuskar aljihu kuwa, kana iya auna tsadarsa da awon da muka yi amfani da shi a sama, ka san inda ya tsaya a tsakanin sauran. Wanda ya zaɓe shi don addini ba ya asarar komai in ya san lambar.

Akwai tambayar da na sa malam ya koma ya yi wa duka biyun, domin yana sa ran kuɗin amfanin gona daga ƙauye bayan kaka: in na tashi biyan ragowa gaba ɗaya bayan wata shida, nawa zan kawo? A tsarin kan ragowa amsar tana cikin jadawali, 317,801, wataƙila da ɗan cajin biya kafin lokaci in yarjejeniya ta tanada. Ruwan watanni shidan da suka rage ya faɗi. A fulat kuwa ya danganta da abin da aka rubuta. Wasu za su karɓi 300,000 na uwar kuɗi su yafe sauran. Wasu za su ce bashinka 744,000 ne tun ranar farko, ka biya 372,000, kawo 372,000. Tazarar dubu 72 ce, kuma tana kwance a layi ɗaya na takardar da ba kowa ke karantawa ba.

Ko lissafi ya yi daidai, aiwatarwa na iya karkacewa, kuma wannan ɓangaren na fi sani. Ofishin albashi yana rufe shigar da canje-canje kwanaki kafin ƙarshen wata. In takardar cira ta iso bayan an rufe, ba za a ciri komai a watan ba. Ma'aikaci ya ga albashi cikakke ya yi murna, alhali a tsarin kan ragowa ruwan wannan watan, 12,000, yana nan yana jiransa, kuma zai bayyana a ƙarshe a matsayin ragowar da bai san da ita ba. Wani lokaci kuma an cira daga albashi amma ba a tura wa masu ba da rancen da wuri ba, sai littafinsu ya nuna ka yi jinkiri. Maganin duka biyun ɗaya ne: ajiye takardar albashi ta kowane wata, kuma duk bayan wata uku a karɓi bayanin asusun rance a jera su gefe da gefe. Kwanan watan da aka cira da kwanan watan da aka shigar, su ake dubawa.

Na ƙarshe kuma shi ne cirar da ba ta san ta tsaya ba. In akanta ya shigar da adadi bai sa watan tsayawa ba, za ta ci gaba a wata na 13 da na 14, kuma dawo da kuɗin da aka cira fiye da ƙima ya fi a hana cirarsu wahala nesa ba kusa ba. Malam ya ɗauki takarda ta biyu. An ba shi kuɗin a watan Maris, cirar farko ta fito a albashin Afrilu, don haka muka ƙirga da yatsu: ta goma sha biyu za ta faɗo a albashin Maris na baɗi. Ya rubuta a bangon littafin darasinsa cewa a ƙarshen watan Maris ɗin zai karɓo takardar shaidar kammala biya da zarar an yi cirar ƙarshe, ya kai ofishin albashi da hannunsa kafin a rufe na Afrilu.